Allo na yin baƙi a tsakiyar wasa bayan sabunta direban katin hoto: yadda ake komawa tsohon direba

Tambayar yadda za a magance baƙin allo a tsakiyar wasa ta yawaita, kuma kusan kullum labarin iri ɗaya ne. Kwamfuta tana ɗaukar wasa lafiya lau, sai aka sabunta direban katin hoto, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita, daga ranar allo ya fara ɗaukewa. Wani daƙiƙa biyu ne ya dawo, wani kuma sai an kashe kwamfutar da maɓallin wuta. Zan bi aikin daki-daki a kan Windows 10 da 11, da katin NVIDIA a matsayin misali, inda AMD da Intel suka bambanta kuma zan faɗa.

Kwamfutar da za mu yi aiki da ita ta tebur ce mai katin RTX 4070 da Windows 11, allonta an haɗa shi da wayar DisplayPort, an kuma kunna G-Sync, fasahar NVIDIA da ke daidaita wartsakewar allo da saurin hoton wasa. Tana kan direba 566.36, wanda ya fito a Disamba 2024, sai mai ita ya koma 572.16, wanda ya fito a ƙarshen Janairu 2025 tare da katunan RTX 50. Da gangan na zaɓi waɗannan lambobin, domin jerin 572 ya jawo ƙorafin baƙin allo sosai, har wasu masu ƙera wasanni suka shawarci masu katin RTX 30 da 40 su koma 566.36.

Duk manhajojin da za a yi amfani da su kyauta ne. Abin da aikin zai ci shi ne intanet na sauke direba, wanda girmansa yakan kai megabayit 600 zuwa 900, da kimanin awa ɗaya. Duk manhajar da ta ce ka biya ta sabunta maka direbobi, ka rabu da ita.

Mataki na 1: Tabbatar direban ne mai laifi

Mutane da yawa suna tsallake wannan, su kwana suna canza direba alhali matsalar tana wani wuri. Idan allon ya sake yin baƙi, kada ka yi saurin kashe kwamfutar. Ka saurara tukuna: sautin wasan yana ci gaba? Sannan ka danna waɗannan maɓallan huɗu tare:

```
Win + Ctrl + Shift + B
```

Wannan yana sa Windows ta farfaɗo da ɓangaren hoto. Idan ka ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta ya dawo, to kwamfutar tana raye, hoton ne kawai ya tsaya. Wannan alama ce mai kyau, domin irin wannan matsalar ce canza direba ya fi warkarwa.

Bayan haka sai ka nemi shaida a rubuce. Danna Win + R, ka rubuta:

```
eventvwr.msc
```

Wannan zai buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru. Shiga Windows Logs, sannan System, ka gangara zuwa daidai lokacin da allon ya ɗauke. Abin da kake nema shi ne saƙo daga Display mai lamba 4101, wanda ke cewa "Display driver nvlddmkm stopped responding and has successfully recovered". Ma'anarsa ita ce Windows ta jira katin ya amsa, daƙiƙa biyu suka wuce bai amsa ba, sai ta sake tayar da direban. Kalmar nvlddmkm sunan direban NVIDIA ne. A katin AMD sunan zai fara da amd, a na Intel kuma da ig.

Sai abu na biyu, wato ranar da abin ya fara. Danna Win + R, ka rubuta `perfmon /rel`. Zai nuna maka jadawalin kwanaki, da abin da aka girka kowace rana, da jajayen alamomi a ranakun da aka samu matsala. A kwamfutar misalinmu, kafin ranar da aka girka 572.16 babu ja ko ɗaya, daga ranar kuma sai LiveKernelEvent mai lamba 141 ya fara bayyana duk lokacin da aka buɗe wasa. Idan ranakun suka dace haka, kana da hujjar ci gaba.

Gargaɗi: idan allon ya yi baƙi, fankokin katin suka tashi da ƙarfi kamar za su fice, sauti ya tsaya, ko kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta kana ganin Kernel-Power mai lamba 41 kawai a Event Viewer, to ka fara zargin wuta ko zafi. Kashe kwamfutar, cire ta daga soket, ka danna wayar wutar katin har ta shige sarai. Katunan RTX 40 masu mahaɗin 12VHPWR ba sa yafe wayar da ba ta zauna daidai ba. Haka kuma idan ka ƙara wa katin gudu da MSI Afterburner ko makamanciyarta, mayar da shi yadda ya zo kafin komai. Gudun da tsohon direba ya jure, sabo yana iya ƙin jurewa.

Mataki na 2: Rubuta lambar direban da kake kai, ka gano wanda ka baro

Danna dama a kan Start, ka buɗe Device Manager, ka buɗe Display adapters, ka danna sunan katinka sau biyu, ka shiga shafin Driver. Lambar da ke gaban Driver Version ba ta kama da wadda NVIDIA ke tallatawa, amma tana ciki. Ɗauki lambobi biyar na ƙarshe, ka sa ɗigo kafin biyun ƙarshe. Misali 32.0.15.7216 ya zama 572.16, 32.0.15.6636 kuma ya zama 566.36. Na AMD ya fi sauƙi idan ka duba cikin manhajar Adrenalin: 24.12.1 na nufin shekarar 2024, wata na 12, fitowa ta farko.

Idan ka manta wanda kake kai a da, koma jadawalin `perfmon /rel`, ko ka duba foldar Downloads ko tsohon fayil ɗin yana nan. In babu, zaɓi direban da ya fito wata ɗaya ko biyu kafin ranar da matsalar ta fara.

Mataki na 3: Sauke direban da kake so kafin ka taɓa komai

Jerin aikin yana da muhimmanci a nan. Direban da za ka koma ya kasance yana kan kwamfutar tun kafin ka cire wanda ke kai, saboda nan gaba za ka yanke intanet.

Je shafin direbobi na kamfanin da ya ƙera katin. A na NVIDIA, yi amfani da Manual Driver Search, ka zaɓi jerin katin da sunansa da irin Windows ɗinka, zai jero maka sababbi da tsofaffi. A na AMD, a shafin katinka akwai Previous Versions, kuma wanda aka rubuta wa Recommended ya fi wanda aka rubuta wa Optional natsuwa.

Kafin ka sauke tsoho, ka leƙa ko akwai wanda ya fi naka sabunta. Kowane direba yana zuwa da takardar Release Notes, cikinta akwai jerin abubuwan da aka gyara da waɗanda aka san ba a gyara ba tukuna. Idan ka ga an ambaci baƙin allo da irin katinka ko wasanka a cikin waɗanda aka gyara, to gaba za ka yi maimakon baya, kuma matakan da ke ƙasa duk ɗaya ne. Ni dai shawarata a sauke guda biyu, tsohon da aka san yana aiki da kuma mafi sabunta, a ajiye su a folda ɗaya.

Gargaɗi: tsohon direba bai san katin da ya fito bayansa ba. Mai katin RTX 5080 ba zai iya girka 566.36 ba, manhajar girkawar ma za ta ƙi, domin katunan RTX 50 daga jerin 572 suka fara. Shi hanyarsa ita ce gaba, ko wani direba dabam daga 572 zuwa sama. Mai laftof kuma ya zaɓi jerin da aka rubuta wa Notebooks, kuma ya fi kyau ya fara gwada direban da ke shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, tunda yawancinsu katin hoto biyu gare su, kuma dole su yi aiki tare.

A wannan zaman ka sauke Display Driver Uninstaller, wanda aka fi sani da DDU, manhajar goge direba gaba ɗaya, daga shafin Wagnardsoft masu yin sa. Ka warware shi a folda a kan kwamfutar, kada ka buɗe shi tukuna.

Mataki na 4: Gwada gajeriyar hanya

A shafin Driver ɗin nan na Device Manager akwai maɓallin Roll Back Driver. Danna shi, zaɓi dalili ko wanne, ka amsa Yes. Allon zai ɗauke na ɗan lokaci, wannan ba matsala ba ne. Sake kunna kwamfutar, ka duba Driver Version ya canza, sannan ka gwada wasan.

Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, Windows ba ta ajiye tsohon ba, ko dai an share shi wajen tsaftace faifai, ko an girka sabon ta hanyar da ta goge na baya. Kuma ko yana aiki, taki ɗaya kawai yake komawa. Wanda ya sabunta sau biyu yana neman mafita, direban da zai koma masa shi ma mai matsalar ne. In hanyar nan ta yi, ka tsallaka zuwa mataki na 8. In ba ta yi ba, ci gaba.

Mataki na 5: Yanke intanet, ka shiga Safe Mode

Cire wayar intanet, ka kashe Wi-Fi. Dalili kuwa, da zarar Windows ta ga kati babu direba, za ta sauko da nata ta girka ba tare da ta tambaye ka ba, wani lokacin ma ana tsakiyar girka naka. Sai ka ƙare da direban da ba kai ka zaɓa ba, kana zaton tsohon ne bai yi aiki ba.

Kafin ka shiga Safe Mode, ka tanadi abu biyu. Na farko kalmar sirrin asusunka ta ainihi, domin wani lokaci lambar PIN ba ta aiki a can. Na biyu, idan faifanka yana kulle da BitLocker, Windows tana iya neman mabuɗin ceto mai lambobi 48. Yawanci yana cikin asusunka na Microsoft. Ka buɗe shi a waya ko ka rubuta a takarda tun kafin ka fara.

Riƙe Shift, ka danna Restart. A shuɗin allon da zai fito, bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4.

Gargaɗi: akwai masu shiga ta `msconfig` su sa alama a Safe boot. Ban so wannan hanyar. Tana sa kwamfuta ta riƙa komawa Safe Mode duk lokacin da ta tashi har sai an cire alamar, kuma idan kalmar sirri ta ƙi shiga, ka kulle kanka a waje.

Idan kuwa allon baƙi yake tun daga tashi, ba ka ma ganin inda za ka danna Restart, kunna kwamfutar, da zarar alamar Windows ta bayyana ka riƙe maɓallin wuta har ta mutu. Maimaita sau biyu ko uku, za ta shiga Automatic Repair da kanta, daga nan Advanced options zai kai ka hanyar da na faɗa. A Safe Mode hoto yana fitowa saboda Windows tana amfani da ƙaramin direbanta ne, ba ta ɗora na katin. Idan har a nan ma babu hoto, kuma ba ka ganin tambarin kamfanin kwamfutar lokacin tashi, to ka bar batun direba ka duba waya da allo da katin kansa.

Mataki na 6: Goge tsohon direba da DDU

Buɗe DDU. Karon farko zai nuna maka Options. Bar yawancinsu yadda suke, ka tabbatar dai zaɓin ƙirƙirar wurin komawa na System Restore yana da alama. A can ƙasa akwai zaɓin da ya fara da "Prevent downloads of drivers from Windows update", sa masa alama. Rufe Options, a gefen dama ka zaɓi GPU, sannan ka zaɓi NVIDIA ko kamfanin katinka, ka danna Clean and restart.

Aikin 'yan mintuna ne, kada ka taɓa komai har ta sake tashi da kanta. Za ta dawo da manyan rubutu da hoto mara kyau, allo na biyu ma yana iya ƙin kamawa. A Device Manager za ka ga Microsoft Basic Display Adapter a maimakon sunan katinka. Haka ake so, alamar gogewar ta yi ce.

Gargaɗi: ka duba kamfanin da ka zaɓa sau biyu. A laftof mai Intel da NVIDIA, wanda wasanni ke amfani da shi kawai za ka goge. Sannan DDU yana share duk saitunan da ka yi a NVIDIA Control Panel ko Adrenalin, don haka idan kana da na musamman ga wasu wasanni, ɗauki hotonsu da waya kafin nan. Masu katin AMD suna iya amfani da AMD Cleanup Utility a maimakon DDU, aiki ɗaya suke yi.

Wani zai ce me ya sa ba za a ɗora tsohon a kan sabon kawai ba. Ana iya yi, sau da yawa ma yana aiki. Amma idan bai yi ba, ba za ka san ko direban ne bai dace ba ko ragowar saitunan wancan ne suka rage, sai ka sake aikin daga farko. Gara a yi shi sau ɗaya da tsafta.

Mataki na 7: Girka wanda ka zaɓa

Har yanzu babu intanet. Buɗe fayil ɗin 566.36, ko wanda ka sauke. Idan ya ba ka zaɓi tsakanin direba kaɗai da direba tare da manhajar kamfanin, ɗauki direba kaɗai a yanzu, domin manhajar tana zuwa da abin ɗaukar bidiyo da ke hawa kan wasa, kuma ita ce za ta riƙa damun ka da sanarwar sabuntawa. Zaɓi Custom (Advanced), ka sa alama a Perform a clean installation. A na AMD sunan zaɓin Factory Reset, na Intel ma yana da irinsa.

Allon zai ƙifta sau da yawa, yana iya yin baƙi na kusan minti ɗaya. Ka yi haƙuri, kashe kwamfuta a daidai wannan lokacin shi ne babban kuskuren da ke mayar da mutum mataki na 5. Idan ya gama, sake kunna ta ko bai nema ba, ka koma Device Manager ka tabbatar lambar ta zama 32.0.15.6636.

Mataki na 8: Hana Windows maye gurbinsa

Kafin ka mayar da intanet, danna Win + R ka rubuta `sysdm.cpl`, shiga Hardware, danna Device Installation Settings, ka zaɓi No. Mai Windows Pro yana da hanyar da ta fi ƙarfi: buɗe `gpedit.msc`, bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Windows Update, ka nemi "Do not include drivers with Windows Updates", ka sa shi Enabled. A Windows 11 yana cikin ƙaramar foldar Manage updates offered from Windows Update.

Gargaɗi: waɗannan saitunan ba katin hoto kaɗai suke shafa ba. Sabuwar firinta ko wata na'urar da ka jona nan gaba tana iya rasa direba har sai ka sauko mata da hannu. Ka tuna ka mayar da su idan matsalar ta wuce. Kuma bayan kwana biyu ka sake duba Driver Version. Idan baƙin allo ya dawo ba zato, abu na farko da za ka duba ke nan.

Mataki na 9: Gwaji

Gwada da wasan da ya fi saurin kawo matsalar, a wurin da ya saba kawo ta, kuma ka ba shi aƙalla ninki biyu na lokacin da ya saba ɗauka. Idan a da minti 20 ne allon ke ɗaukewa, wasan minti 10 bai tabbatar da komai ba. Farkon shiga wasan zai iya yin tsalle-tsalle ko ya daɗe yana lodi, saboda duk lokacin da aka canza direba sai wasa ya sake harhaɗa wasu fayilolin hoto da ya dace da shi. Wannan yana wucewa da kansa, kada ka ɗauka wata sabuwar matsala ce.

A kwamfutar misalinmu, idan aka yi awa guda babu ɗaukewa, kuma babu sabon 4101 a Event Viewer, aiki ya yi. Daga nan sai a mayar da saituna ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa tsakaninsu: yawan wartsakewar allo, wanda gogewar kan mayar da shi 60Hz, sannan G-Sync, sannan HDR.

Idan kuma allon ya ci gaba da yin baƙi a kan direban da a da yake aiki, ka lura da irin baƙin. Wanda yake zuwa daƙiƙa ɗaya zuwa uku, sauti na ci gaba, wasa bai tsaya ba, kuma Event Viewer bai rubuta komai ba, yawanci tsakanin kati da allo ne saƙon ke yankewa. Kashe G-Sync, ko takwaransa FreeSync na AMD, ka gwada. In bai daina ba, rage wartsakewar zuwa 60Hz, sannan ka canza waya ko ka koma HDMI daga DisplayPort, ka cire allo na biyu idan akwai. Abu ɗaya za ka canza a kowane gwaji. Wanda ya canza huɗu lokaci guda, ko matsalar ta tafi bai san wanne ya kore ta ba, kuma zai zauna da allo a 60Hz ba gaira ba dalili. Idan wasa ɗaya ne tak ke yi, danna Alt + Enter ko ka sa shi a Borderless daga saitunansa, ka kuma duba ko wasan kansa ne aka sabunta a ranakun.

Zama a kan tsohon direba yana da iyaka. Wasu sababbin wasanni suna ƙin buɗewa ko su yi gargaɗi idan direba bai kai wata lamba ba, kuma sababbin direbobi suna ɗauke da gyaran tsaro. Ka ajiye fayil ɗin 566.36 da foldar DDU a wurin da ba za ka goge ba. Idan sabo ya fito, karanta Release Notes ɗinsa, ka bar shi ya yi mako ɗaya ko biyu a hannun jama'a, sannan ka girka shi ta matakai na 5 zuwa 7. In ya sake kawo baƙin allo, fayil ɗin komawa yana hannunka, ba sai ka sake sauke komai ba.